Hanji Bayan Tiyata: Shiri Domin Masu Jego da Masu Jinya

Shirinmu na yau na masu jego ne da aka ciro musu jariri ta hanyar tiyata, da kuma duk wanda aka buɗe wa ciki, ko don afendis, ko gwaiwa, ko hanjin da taifot ta huda. Ina roƙon masu jinya su ma su matso kusa da rediyo, iyaye mata da surukai da mazaje, musamman 'yan'uwanmu na Zawaciki da Fanshekara da sauran unguwannin Kumbotso, inda maigida kan fita aikin kamfani tun da asuba. Da zarar an sallamo majinyaci daga asibiti, abin da zai ci da abin da zai sha, har da ƙwayar da za a sayo masa, duk a hannunku suke.

Maganar bayan gida za mu yi. Na san tana da nauyi a baki, kuma wannan nauyin ne yake sa mace ta kwana biyar ba ta zaga ba, ta kasa gaya wa kowa, har sai abin ya kai ta ga kuka a banɗaki. Ku yi mini uzuri, zan faɗi abubuwa da sunansu.

Mu fara da abin da ke faruwa a cikin ciki. Hanji ba ya son a taɓa shi. Idan likita ya buɗe ciki, ko da bai yanki hanjin ba, ture shi kawai ya yi gefe don ya kai ga mahaifa, hanjin yakan yi tsit ya daina motsin da yake tura abinci da shi. Wanda ya taɓa aiki a Challawa ko Sharaɗa ya san yadda ake tayar da injuna bayan an ɗauke wuta: ba a kunna su lokaci guda, ɗaya bayan ɗaya suke tashi. To haka cikin mutum yake farfaɗowa. Ƙaramin hanji ne ke riga kowa, cikin kamar awa 24. Tumbi ya biyo baya, kwana ɗaya zuwa biyu. Babban hanji, wanda shi ne ke tara bayan gida, shi ne na ƙarshe, yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku. Shi ya sa nas take zagayowa da safe tana tambaya, "Baiwar Allah, kin fitar da iska?" Ba raini ba ne. Fitar tusa ita ce shaidar farko cewa hanya ta buɗe daga sama har ƙasa. Saboda haka idan mai jego ta kwana biyu ko uku ba ta yi bayan gida ba, amma tana fitar da iska, tana ci, ba ta amai, to babu abin tayar da hankali tukuna.

Matsalar ita ce abubuwan da muke ɗora wa wannan hanji da bai gama farkawa ba. Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa daga abin da ya rage na abinci. Duk kwanan da bayan gida ya ƙara a ciki, ana ƙara tsotse shi, yana ƙara bushewa. Abin da zai fita cikin sauƙi ranar Laraba, idan ya kai Lahadi ya zama dunƙule mai tauri. Wannan ne dalilin da ya sa rigakafi a nan ya fi komai sauƙi, kuma lokacinsa kwanakin farko ne.

Bari mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. Ba wata takamaimiyar mace nake nufi ba, amma duk wadda ta yi jinya za ta gane hoton. Matashiya ce a Zawaciki, haihuwar fari, mijinta yana aikin dare a wani kamfanin fata. Naƙuda ta yi tsawo, aka tura ta babban asibiti a cikin gari, aka yi mata aiki daren Litinin da allurar baya, wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa. Tun kafin a shiga da ita ta wuni ba ta ci ba, ta zubar da jini, an sa mata robar fitsari, an kuma yi mata allurar kashe zafi mai ƙarfi, irin su fentazosin da ake yawan amfani da ita a asibitocinmu.

Safiyar Talata nas ta zo ta ce ta tashi. Nan take mahaifiyarta ta tare: "Haba Sista, jiya jiya aka ɗinke yarinyar nan, ki bar ta ta huta mana." Ina fahimtar wannan uwa sarai, tausayi ne. Amma nas ɗin ce ke da gaskiya. A da, a duniya baki ɗaya, ana kwantar da wanda aka yi wa tiyata kwana da kwanaki, a hana shi ci sai ya fitar da iska. A shekarun 1990 wani likitan tiyata ɗan ƙasar Denmak, Henrik Kehlet, ya jagoranci sauya wannan tsari. Ya nuna cewa wanda aka kashe wa zafi da kyau, aka ba shi abinci da wuri, aka tashe shi ya taka, ya fi saurin komawa gida. Yau wannan tsari ya shiga aikin haihuwa ma: idan aikin ya tafi lafiya, mace kan fara kurɓar ruwa da cin abu marar nauyi cikin 'yan awoyi, a cire robar fitsari da wuri, ta kuma taka ƙasa kafin a cika awa 24.

Tashin yana da tsari, kuma ina so masu jinya su riƙe shi. Da farko a tabbata allurar baya ta sake ta, wato tana jin ƙafafunta, tana iya ɗaga kowacce daga kan katifa. Kada ta yunƙura kai tsaye daga rigingine, domin naman cikin da aka ɗinke ne zai ɗauki nauyin. Ta lanƙwasa gwiwoyi, ta mirgina gefe guda, ta zuro ƙafafu ƙasa, sannan ta tura jikinta sama da gwiwar hannu. Ta zauna a bakin gado minti biyu ko uku, domin jiri yakan ɗebi mutum a tashin farko. Sai ta miƙe, mutum ɗaya yana riƙe da ita, ta dafe wurin ɗinkin da filo ko zane da aka ninke. Ranar farko, daga gado zuwa ƙofar ɗaki da dawowa ya isa. Washegari ta yi minti biyar zuwa goma, sau uku ko huɗu a wuni. Tafiya kaɗan kaɗan sau da yawa ta fi doguwa guda ɗaya da za ta kwantar da ita.

Ba zan ce muku tafiya ita kaɗai ce ke tayar da hanji ba. Tana taimaka wa iska ta fita, tana dawo da sha'awar abinci, tana sa mutum ya iya kai kansa banɗaki lokacin da ya ji bukata. Amma babban amfaninta ma ya wuce hanji: tana hana jini daskarewa a jijiyar ƙafa, wanda haɗarinsa ya fi yawa a makonnin bayan haihuwa, tana kuma buɗe huhu. Ɗinkin kuwa ba zai warware don an taka a hankali ba. Ba fata kaɗai aka ɗinke ba, akwai shimfiɗa mai ƙarfi a ƙarƙashinta da aka haɗa da zare mai ɗaukar makonni yana riƙe. Akwai kuma wata 'yar dabara mai araha: taunar cingam na minti 15 zuwa 30, sau uku a rana. Tauna tana aika wa hanji saƙo kamar abinci na tafe, kuma an gwada ta a kan mata bayan tiyatar haihuwa, an ga tana ɗan gaggauta fitar iska.

Mu koma ga matashiyarmu. Ta taka ranar Talata, da daddare ta fitar da iska. Ranar Alhamis aka sallame ta, ba ta yi bayan gida ba, ba ta kuma faɗa ba. A nan labarin yake karkacewa.

A gida zafin ɗinkin ya dame ta da dare. Maigida ya ga magungunan da aka rubuto kamar ba su da ƙarfi, sai ya biya kemis kafin ya wuce aiki, ya ce a ba shi mai ƙarfi. Aka ba shi taramol. Ba mugunta ya yi ba. Ya ga abokan aikinsa masu ɗaukar kaya suna sha don gajiya da ciwon jiki, ya ɗauka gata ya yi wa iyalinsa.

'Yan'uwana maza, a nan nake so mu daɗe. Taramol da kodin da fentazosin da mofin duk dangi ɗaya ne. Suna kashe zafi ta hanyar kama wasu wurare a ƙwaƙwalwa da laka, kuma irin waɗannan wuraren suna nan jibge a bangon hanji. Ƙwayar ba ta bambancewa. Tana rage zafi a sama, tana rage motsin hanji a ƙasa, ta rage ruwan da hanji ke fitarwa, ta kuma dushe jin nan da ke gaya wa mutum lokacin zagawa ya yi. Jiki yakan saba da barcin da suke sawa da tashin zuciya cikin 'yan kwanaki, amma taurin bayan gida ba a cika sabawa da shi ba, yana nan muddin ana shan su. A asibiti waɗannan magunguna suna da wurinsu, a rana ta farko da ta biyu, lokacin da zafi ya kai maƙura, kuma likita yana auna su. Ba ina cewa a ƙi allurar asibiti ba ne. Abin da nake ja a kai shi ne a ci gaba da su a gida ba da sanin likita ba.

Ga mai shayarwa akwai wani haɗarin da ya fi taurin ciki. Kodin da taramol suna bi ta nono, kuma jikin wasu mata yana sarrafa su da sauri ya mayar da su sinadari mai ƙarfi, ba tare da macen ta san tana cikin irin waɗannan ba. Jariri sai ya yi ta barci, ya kasa kama nono, numfashinsa ya yi rauni. A shekarar 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada masu shayarwa su sha waɗannan biyun. A nan gida kuma kun tuna gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Taramol ɗin da hukumar NAFDAC ta amince da shi mai lamba 50 ne da 100. Wanda ake ɓoyewa ana sayarwa mai lamba 225 ba na jinya ba ne ko kaɗan.

To me za ta sha, tunda ba za a bar ta da zafi ba? Wannan tambaya ce mai kyau, domin macen da zafi ya hana motsi ba za ta taka ba, ba za ta yarda ta shiga banɗaki ba. Amsar tana cikin takardar da maigidan ya raina. Farasitamol mai lamba 500, ƙwaya biyu, kowace awa shida, kada a wuce ƙwaya takwas a wuni da kwana. Tare da shi, idan likita ya rubuta, aibufurofen mai lamba 400 kowace awa takwas bayan an ci abinci, ko kuma dikilofenak a madadinsa. Ɗaya daga cikin biyun nan ake sha, ba a haɗa su. Waɗannan ba sa ɗaure hanji, kuma ba su da laifi ga shayarwa. Sirrinsu shi ne a sha su a kan lokaci, da agogo, a kwanakin farko, ba sai zafi ya taso ya yi ƙamari ba. Yawancin masu cewa farasitamol ba ya yi musu komai, sau ɗaya suka sha, bayan zafin ya riga ya kama. Sai dai aibufurofen da dikilofenak ba na kowa ba ne: mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, wadda hawan jinin ciki ya yi wa tsanani ko ta zubar da jini da yawa, da mai asma da irin waɗannan ke tayar masa, duk sai likita ya duba tukuna.

Ban da taramol, gidan ya ƙara wasu abubuwa uku ba da niyya ba. Na farko ƙarancin ruwa. An fara wankan jego safe da yamma, gumi yana zuba, nono yana jan nasa, ita kuma tana rage sha don kada fitsari ya riƙa tashinta. Mai shayarwa tana bukatar kamar lita biyu da rabi zuwa uku a wuni, wato ledar fiya wata biyar zuwa shida, har da kunu da romo a lissafin. Ma'aunin yana cikin fitsarinta: idan ya yi ja kamar shayi, ruwan bai isa ba. Wadda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda, ta bi nasa lissafin. Na biyu abinci. Shayi da burodi da safe, farar shinkafa da rana, taliya da dare, ga nama an gasa mata. Duk cikinsu babu mai barin dusar da hanji zai tura. Abin da take bukata yana nan a kasuwar unguwa: miyar kuka, kuɓewa, zogale, alayyahu, rama, tuwon dawa ko na alkama, gwanda, kankana, lemo da ɓargonsa, kunun tsamiya. Wake yana da amfani, amma a fara da kaɗan saboda iska. Na uku ƙwayar ƙarin jini. Tana taurara bayan gida, tana mayar da shi baƙi, kuma wannan baƙin ba abin tsoro ba ne. Kada a jefar da ita, domin wadda ta zubar da jini tana bukatarta. A gaya wa likita, yana iya rage yawan shan ko ya sauya wata.

Sai maganar kunun kanwa, wanda na san wasu iyayenmu za su ce ai shi ne ke wanke cikin mai jego. Kanwa tana ɗauke da sinadarin gishiri mai yawa, mai sa jiki ya riƙe ruwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan ta tare da zafin ɗakin jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Mata da yawa kuma hawan jini ne ya kai su ga tiyatar tun farko. Irin wannan mace, Inna, don Allah a ɗauke mata kanwa. Ruwan wankan ma kada a fyaɗa shi da ganye a kan ɗinki.

Ranar Asabar, kwana biyar da aiki, matashiyarmu ta ji nauyi a ƙasa. Ta shiga banɗaki, masai na tsuguno ne, tsugunon yana jan ɗinkin, ta yi yunƙuri ta ji kamar za ta tsage, ta fito ba ta yi ba. Gida ya fara cika da 'yan barka, jibi suna, sai ta ƙudura ta daure har a watse. A ranar yayarta ta lura, ta ja ta ɗaki ta ce, "Ke, gaya mini gaskiya, rabonki da bayan gida tun yaushe?"

Kafin a ba ta komai, akwai tambayoyi huɗu. Tana fitar da iska? E. Tana amai? A'a. Cikin yana ƙara girma yana tauri, ko da laushi? Da laushi. Akwai zazzaɓi? Babu. Da waɗannan amsoshi, taurin bayan gida ne na yau da kullum. Aka kira asibitin da aka yi aikin, aka faɗa musu har da taramol ɗin, suka ce a daina shi, a koma kan farasitamol da ɗayan maganin zafin da aka rubuto mata, a fara maganin laushi.

Magungunan nan kashi kashi ne, kuma sanin bambancinsu yana hana ɓarna. Akwai masu jawo ruwa cikin hanji su jiƙa bayan gida. Wanda aka fi samu a nan shi ne laktulos, ruwa ne mai zaƙi da kauri. Babba yakan fara da mililita 15, wato babban cokali ɗaya, safe da yamma. Kusan ba ya shiga jini, shi ya sa ake ba masu shayarwa. Amma yana iya ɗaukar kwana biyu kafin ya yi aiki, yana kuma sa iska da ƙugin ciki. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sha da safe, a ga shiru da azahar, a ɗaga kwalbar a shanye rabi, sai gudawa ta ɓarke. Akwai kuma masu zaburar da hanji ya matsa, kamar bisakodil, ƙwaya ɗaya ko biyu masu lamba 5 da dare, su yi aiki cikin awa 6 zuwa 12, da kuma ƙwayar sana. Su ne suka fi dacewa idan dangin taramol ne suka kwantar da hanjin, amma sukan murɗa ciki, kuma na 'yan kwanaki ne. Akwai wani mai suna dokuset da ake kira mai laushi, sai dai shi kaɗai ƙarfinsa kaɗan ne. Man farafin da wasu ke sha ba na yau da gobe ba ne, kuma kada a sha shi a kwance ko dab da barci, don idan aka shaƙe shi ya gangara huhu yana yin illa.

Ita tamu dunƙulen ya riga ya sauko bakin hanya ya bushe, maganin baki ba zai kai gare shi da wuri ba. Irin wannan na matsi yake bukata, na gilisarin, wanda ake turawa ta dubura. A jiƙa kansa da ruwa, ta kwanta a gefen hagu, a tura shi ya shige sosai ya taɓa bangon hanji, ta riƙe minti 15 zuwa 30. Shi ya sassauta na ƙasa, laktulos ya kula da na sama.

Zaman ma da yadda ake yinsa. Lokacin da ya fi shi ne bayan karin kumallo da abu mai ɗumi, da kamar minti 20, domin shigar abinci tumbi yana sa babban hanji ya motsa. Ta sha maganin zafinta rabin awa kafin nan. Idan tsuguno yana jan ɗinki, a samo fo na manya ko kujerar roba da aka huda a ɗora a kan masai. Idan masai na zama ne, a sa ɗan kututture ko bulo ta ɗora ƙafafu, gwiwa ta ɗara ƙugu tsawo, ta ɗan sunkuya gaba. Ta dafe ɗinkin da ninkakken zane. Kada ta riƙe numfashi ta yi nishi. Ta buɗe baki tana fitar da iska a hankali, ta bar cikin ya saki. Idan minti goma ya wuce ba labari, ta tashi ta taka, ta dawo anjima. Yunƙuri mai ƙarfi shi ke kawo basir da tsagewar dubura. Ranar Lahadi da safe matashiyarmu ta samu sauƙi. Ta ci gaba da laktulos na wasu kwanaki, tana ragewa a hankali har bayan gidan ya daidaita.

Wanda aka ɗinke wa gwaiwa, duk wannan ya shafe shi, har ma ya fi, domin nishi yana tura matsi daidai wurin da aka gyara. Masu dako a tashar tsandauri ta Dala da ke nan Zawaciki, da masu loda buhuna a Bompai, ku tambayi likita ranar komawa ɗaukar nauyi, yawanci sai bayan mako huɗu zuwa shida. Wanda kuma ya daɗe yana shan taramol kullum, ya faɗa wa likita tun kafin aiki, kada ya yanke shi dare ɗaya da kansa. Amma wanda aka yanke wa hanji aka haɗa, ko aka ɗinke masa hujin taifot, hukuncinsa daban ne: babu maganin zaburar da hanji, babu na matsi, babu ɗura ruwa ta dubura, sai likitan da ya yi aikin ya faɗa da bakinsa.

Wani zai ce ai muna da filasko. Gaskiya ne, filasko dangin sana ne da ake yin waccan ƙwaya da shi, kuma yana aiki. Illarsa ita ce ba wanda ya san ƙarfin abin da ke cikin kofin da aka jiƙa. Yau ya yi daidai, gobe ya murɗe ciki ya zubar da ruwan jikin mai jego har nono ya ragu. Haka jiƙe jiƙen wankin ciki da ake yawo da su a jarka. Mafi muni, a ɗura wa mutum irin waɗannan alhali hanjinsa toshewa ya yi.

Wannan ne ya kawo mu ga inda amsoshin tambayoyi huɗun nan suke sauyawa. A ce wata mai jegon ce, kwana uku da aiki, cikinta yana ta hawa kamar ba ta haihu ba, ya yi tauri, idan aka ƙwanƙwasa yana ƙara. Iska ta daina fita. Tana amai, wataƙila kore. Ko zazzaɓi ya kai 38, zuciya na bugawa da sauri, ciwon yana ƙaruwa maimakon raguwa. Wannan ba taurin bayan gida ba ne. Yana iya zama hanjin ya ƙi farkawa, ko ya toshe, ko ya samu rauni, ko ƙwayoyin cuta sun shiga cikin. Akwai wani yanayi da ake kira da sunan likita Ogilvie, wanda ake gani jefi jefi bayan tiyatar haihuwa, inda babban hanji ke kumbura da iska ba tare da wani abu ya tare shi ba, kuma idan aka yi jinkiri yana iya fashewa. Mai wannan yanayi tana iya yin ɗan zawo, saboda haka ganin ruwa ya fita ba hujjar kwanciyar hankali ba ce idan cikin yana ci gaba da hawa. Ko a taurin ciki na yau da kullum ma, idan ya daɗe, ruwa kan zagaye dunƙulen ya riƙa ɗiga, a zata gudawa ce a ba da maganin tsayar da ita, abin ya ƙara lalacewa.

Da ganin ɗaya daga cikin waɗannan alamu, ko jini mai yawa a bayan gida, ko ruwa yana tsatsowa daga ɗinki, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi yana sarƙewa, a daina ba ta abinci da duk wani maganin zawo, a nemi mota. Kada a jira maigida ya taso daga aiki, kada a jira a yi suna. A koma asibitin da aka yi aikin, ko wanda ke da ɗakin tiyata dare da rana, kamar Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ko da babu ko ɗaya daga cikin alamun, idan an kai kwana huɗu zuwa biyar ba bayan gida, ko an yi kwana biyu ana shan maganin laushi ba canji, a koma a duba ta.

Idan za ku tafi, ku ɗauki takardar sallama, ku zuba duk magungunan da ta sha a leda guda, na asibiti da na kemis da na gargajiya. Ku gaya wa likita ranar da aka yi aikin, da lokacin ƙarshe da ta fitar da iska, da lokacin ƙarshe da ta yi bayan gida, da launin aman idan ta yi. Da waɗannan zai san ko hoton ciki za a fara ɗauka, ko ruwa za a fara ɗaura mata.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya abin da aka samu.